Yadda Ake Tsara Kwalliyar Zauren Biki ko Suna Daga Hoton Wurin

Mafi yawan ayyukan da nake karɓa da hoto suke farawa. Sai a turo mini hoton zaure wayam, ba kujera ba tebur, a ce ga inda za a yi bikin nan, me kike ganin za a yi masa? Da can da na ga hoto sai in zarce zancen launi da furanni. Yanzu kuwa ba na ambaton ko launi ɗaya sai na fitar da abu uku daga hoton: girman wurin, irin haskensa, da abubuwan da ke cikinsa waɗanda ba su matsuwa. In kin sami waɗannan, kwalliyar da kanta za ta nuna miki inda za ta zauna. Ga yadda nake yi, zan kuma bi da ke ta cikin wani zaure guda da na taɓa tsarawa don ki ga lissafin da idonki.

Kayan da za ki tanada

Waya mai kyamara, da hoton da aka buga a kan farar takarda, kwafi uku ko huɗu, ko da ba mai kala ba ne. Rula da fensir da abin goge rubutu. Takardar lissafi mai gida-gida, irin ta 'yan makaranta. Farar leda mai shara-shara wadda ake ganin abu ta cikinta, da maka kala uku. Tef na awo, mai mita 5 ma ya isa, na ranar da za ki je wurin. Sai ƙananan yankan ƙyalle na launukan da kike tunanin amfani da su.

In babu inda za ki buga hoton, ki buɗe shi a waya ki yi zane a kansa da alƙalamin gyaran hoto da kusan kowace waya take da shi. Ya fi wahalar aunawa da rula, amma yana yi. In babu takarda mai gida-gida, ki ja layuka da kanki a kan farar takarda, tazarar rabin santimita tsakaninsu.

Mataki na 1: Ki nemi hoton da zai yi miki aiki

Hoto ɗaya ba ya isa, kuma wanda masu zaure suke turowa shi ne mafi ruɗi, domin an ɗauke shi ne don wurin ya yi kyau ya kuma yi girma. Ki roƙi wanda ke kusa da wurin ya ɗauko miki guda shida: ɗaya daga bakin ƙofar shiga yana kallon bangon gaba, ɗaya daga bangon gaba yana kallon ƙofa, ɗaya ga kowane bangon gefe, ɗaya na silin, ɗaya kuma na ƙasa daf da ƙafarsa, da takalminsa a ciki.

Ki jaddada masa ya bar kyamarar a 1x. Wanda ya shiga babban ɗaki hannunsa yakan tafi kan 0.5x don komai ya shiga, shi kuwa wannan yana miƙar da gefen hoto, yana nisanta bangon ƙarshe, sai zaure mai mita 15 ya zama kamar filin ƙwallo. Za ki gane an yi haka in kika ga tayil ɗin da ke kusurwar hoto sun yi tsawo kamar an ja su, ko ginshiƙan gefe sun karkata. Ya riƙe wayar daidai ƙirji, a miƙe, kada ya ɗaga bakinta sama. Ya kuma ɗauka a irin lokacin da za a yi taron, da fitilun wurin a kunne. Zauren da aka ɗauka da hantsi tagogi a buɗe, wani wuri ne daban bayan faɗuwar rana.

Wata 'yar dabara: ya ajiye farar takarda a kan kujera a tsakiyar wurin kafin ya ɗauka. Za ki ga amfaninta a mataki na huɗu.

Mataki na 2: Ki fitar da awo daga hoton

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Hoto ba shi da awo a kansa, amma cike yake da abubuwan da aka san girmansu. Mafi amfani a cikinsu tayil ne. Na manyan ɗakuna yawanci santimita 60 ne kowane gefe, akwai kuma na 40 da na 50. Hoton takalmin nan da na ce a ɗauko shi zai raba miki gardama: takalmin babban mutum yakan kai santimita 28 zuwa 30, saboda haka in tayil ɗaya ya ci takalmi biyu a jere, na 60 ne. In wanda ke wurin yana da rula, ya auna guda ɗaya ya huta da ke.

Daga nan sai ƙirga. Kada ki ɗora rula a kan hoto ki auna ƙasa daga gaba zuwa baya, domin abin da ke nesa ƙanƙancewa yake, mita ɗaya ta bakin ƙofa ta ninka ta ƙarshen ɗaki sau da yawa a kan takarda. Ƙirga tayil ba ruwansa da wannan. Ki faɗaɗa hoton a waya, ki bi layi ɗaya daga bango zuwa bango. Tayil na nesa sukan haɗe su zama ba a rarrabe su, shi ya sa ake son hoto daga ɓangarorin biyu: ki ƙirga daga ƙofa zuwa wata alama a tsakiya, kamar ginshiƙi ko gefen taga, sannan ki ɗauki ɗaya hoton ki ƙirga daga bangon gaba zuwa wannan alamar, ki haɗa.

A zauren da nake ba ki misali da shi, na ƙirga tayil 20 a faɗi, 30 a tsawo, kowane na santimita 60. Ke nan faɗinsa mita 12, tsawonsa mita 18.

In ƙasan siminti ne ko an shimfiɗa kafet, ki ɗaga kai. Silin mai gida-gida shi ma yawanci santimita 60 ne kowane gida, ana ƙirga shi kamar tayil. In shi ma sumul yake, sai a koma ga taku: wanda ke wurin ya taka daga bango zuwa bango ya faɗa miki adadi, sannan ya auna takunsa goma da tef ko igiya, ki raba gida goma ki sami taku ɗaya, ki ninka da adadin. Wannan awon na kusa-kusa ne, kada ki yanka ƙyalle a kansa.

Tsayin bango kuma ƙofa ce ke bayar da shi. Ƙofar ɗaki ta yau da kullum tana tsakanin mita 2 da 2.1. A nan rula tana aiki, da sharaɗi guda: ƙofar da abin da kike aunawa su kasance a bango ɗaya, kuma an ɗauki bangon gaba da gaba. A nawa hoton, ƙofar gefen dandamali ta ba ni santimita 4.2 a kan takarda, bangon daga ƙasa zuwa silin ya ba ni 6.8. Tunda 4.2 na nufin mita 2.1, kowace santimita rabin mita ce, bangon ke nan mita 3.4. Ki kula da babbar ƙofar shiga mai ganye biyu, sau da yawa ta fi haka tsayi. Ƙofar banɗaki ko ta sito ta fi aminci.

Na taɓa shan ƙasa a nan. Na auna ginshiƙin da ke tsakiyar wani zaure da ƙofar da ke can bangon ƙarshe, lissafi ya ba ni tsayin da ya wuce gaskiya da fiye da mita ɗaya, saboda ginshiƙin ya fi ƙofar kusa da kyamara. Na ɗinko labule a kan haka. Ranar aiki muka wuni muna naɗe gindinsa da fil.

Mataki na 3: Ki yi wa abubuwan da ba su matsuwa alama

Ki ɗauki jan maka ki zagaye duk abin da ba za ki iya ɗagawa ba: ƙofofi, tagogi, ginshiƙai, fankokin silin, na'urorin sanyaya ɗaki, soket, akwatin wuta, tukunyar kashe gobara. Sannan ki mayar da su kan takarda mai gida-gida, gida ɗaya a matsayin tayil ɗaya. Yanzu kina da taswirar zauren kamar kina leƙensa daga sama.

Kowace alama tana hana ki wani abu. Fanka tana hana ƙyallen da ake ja daga tsakiyar silin zuwa bango, sai dai in an yarda a kashe ta, wanda kuma baƙi ne za su ji a jikinsu. Silin mai gida-gida ba ya ɗaukar nauyi, allunan ɗora su kawai aka yi a kan siririn ƙarfe, in kin rataya abu mai nauyi zai sauko da su. Na'urar sanyi da ke bangon gaba, in kika rufe ta da labule, labulen zai yi ta kumbura yana lotsawa, sanyin kuma ya maƙale a baya. Ƙofa kuwa, ko mummuna ce, ko ba a amfani da ita, ba a toshe ta da labule ko tebur. Ranar da wani abu ya faru ta nan mutane za su fita. Haka akwatin wuta da tukunyar kashe gobara, a bar su inda hannu zai kai.

Abin da hoto ba zai faɗa miki ba shi ne dokar masu wurin. Ki tambaya tun yanzu: ana buga ƙusa? Ana manna gam a fenti? Ƙarfe nawa za a buɗe miki, ƙarfe nawa za ki kwashe? In ba a buga ƙusa, duk abin da za ki tsara ya zama mai tsayawa da ƙafarsa a kan sandunan ƙarfe masu gindi.

Mataki na 4: Ki karanta launi da haske

Waya tana gyara launi da kanta ba tare da ta tambaye ki ba. Bango ruwan madara yakan fito fari tas, fari kuma ya fito da ɗan shuɗi. Farar takardar nan ita ce shaidarki: ki kwatanta bangon da ita a cikin hoton. In bangon ya fi ta ja ko rawaya, to ba fari ba ne, kuma farin labule a jikinsa zai sa ya zama kamar mai datti.

Ki kuma tambayi irin ƙwan fitilar wurin. A jikin ƙwai ko kwalinsa akan rubuta lamba: 2700K ko 3000K haske ne mai ɗumi, mai ɗan rawaya, 6500K kuma fari ne ƙal mai sanyi. Ruwan gwal da ruwan madara da ja suna ƙara kyau a haske mai ɗumi, a ƙarƙashin fari ƙal kuma gwal yakan dushe. Shuɗi da ruwan azurfa akasin haka ne, haske mai rawaya yana kashe su. Ruwan hoda mai haske ya fi kowa shan wahala, yakan koma kamar fari da aka wanke da jan kaya.

Launin da ya fi yawa a zaure ba naki ba ne, na ƙasa da bango da kujerun wurin ne. Ki lissafa shi a cikin launukanki ko kina so ko ba kya so. Zauren misalinmu tayil ɗinsa ruwan ƙasa ne mai haske, bango ruwan madara, labulen tagogi ja mai duhu. Amarya ta so shuɗi da azurfa. Na ɗora yankan ƙyallen a kan hoton na tura mata, ita da kanta ta ga suna faɗa da labulen tagogin, ga tagogi takwas, rufe su duka aiki ne babba. Muka koma ruwan madara a matsayin babban launi, ja mai duhu na biyu, gwal ɗan kaɗan. Labulen da ya zo a matsayin matsala sai ya zama kamar mu muka kawo shi. Rabon da nake bi shi ne wanda masu ado suka saba da shi: kashi 60 babban launi, 30 na biyu, 10 na ƙyalli. Kuma ki tambayi launin kayan da amarya ko mai jego za ta sa, don kada ta zauna a gaban labule mai launin kayanta ta ɓace a hoto.

Mataki na 5: Ki zaunar da mutane kafin ki zaunar da furanni

A kan taswirar, ki fara da inda idon kowa zai tafi, wato mazaunin ango da amarya. Yawanci bangon da ke fuskantar ƙofar shiga ne. Amma in bangon nan yana da manyan tagogi kuma da rana za a yi taron, hasken da ke bayansu zai sa fuskokinsu su yi duhu a kowane hoto. Ko ki sa labule mai kauri, ko ki mayar da mazaunin wani bangon.

Zaurenmu murabba'in mita 216 ne, baƙi 120. A lissafin da aka saba, mutum ɗaya a zaman tebur yana cin wajen murabba'in mita 1.2, saboda haka da ka wurin ya yi yawa ma. Taswira ce ta nuna mini inda gizo ke saƙar. Teburi mai zagaye na santimita 150 yana ɗaukar mutum takwas, kuma da kujerunsa da wurin wucewa yana cin fili mita 3 kowane gefe, tayil biyar-biyar ke nan. Masu biki suna son hanya a tsakiya wadda ango da amarya za su bi, na ba ta tayil 3, mita 1.8. Abin da ya rage a kowane gefe tayil takwas da rabi ne. Tebur ɗaya ya shiga ya bar fili a banza, biyu kuma suna neman tayil goma, ba su shiga.

Sai na koma dogayen tebura, masu tsawon santimita 180 da faɗin 75, kowane mutum shida. Na haɗa biyu baki da baki suka ba ni tayil 6, mutum 12, na jera su a gicciye daga hanyar tsakiya zuwa bango, ya rage mita ɗaya da rabi ta jikin bango don masu hidima. Kowane layi da kujerunsa yana cin tayil 4. A tsawon zauren na ba dandamali tayil 4, filin da ke gabansa 4, layuka biyar na tebura 20, bakin ƙofa 2, ya cika 30 cif. Layi biyar, gefe biyu, mutum 12: 120 daidai, da tebura 20. Da na yi odar masu zagaye guda 15 kamar yadda aka fara ce mini, da a ranar za mu gane ba su shiga sai an cinye hanyar.

In kujeru kawai za a jera ba tebur, ki ba kowace kujera faɗin rabin mita, tsakanin layi da layi kuma kamar santimita 90.

Mataki na 6: Ki zana kwalliyar a kan hoton

Yanzu ne lokacin daɗin. Ki ɗora ledar a kan hoton da aka ɗauka daga bakin ƙofa, domin shi ne abin da baƙo zai fara gani. Ki zana labulen bayan mazauni, ki bi layin tayil don ki san inda zai fara da inda zai ƙare. Ki yi leda biyu ko uku, kowace da tsari daban, ki ɗauki hotonsu ki tura wa masu biki. Zanen ba sai ya yi kyau ba. Mutum ya fi saurin cewa "wannan nake so" in ya ga abu a kan bangon da ya sani.

Ni a wuri uku nake zuba ƙarfi: mazauni, bakin ƙofa, da hanyar da ta haɗa su. Sauran wurin in tebura sun sha ƙyalle mai tsabta har ƙasa ya wadatar. Sabon shiga yakan raba kayansa ko'ina, kowace kusurwa da ɗan fure, a ƙarshe babu inda ya cika ido.

Siffar zauren ita ke zaɓar dabara. In silin ya yi ƙasa, bai kai mita 3 ba, kada ki rataya komai a sama, ki sa labule ya tashi daga ƙasa har ya kusa taɓa silin, ninkinsa a tsaye, zai sa wurin ya yi kamar ya fi tsayi. In silin ya yi nisa ƙwarai, labule mai mita biyu da rabi zai zama kamar ɗan tsako a gindin bango, sai ki ƙara masa faɗi, ki sa dogayen abubuwa a gefensa, ki haska bangon daga ƙasa da fitilu. In zauren dogo ne siriri, ki ɗaga mazaunin a kan dandamali don na baya su gani. Ginshiƙin da ke tsakiya ba ya ɓoyuwa, ki naɗe shi da babban launinki ki bar shi haka, kada ki cika shi da ado ya ja ido daga mazauni. Ki kuma ja layi a taswira daga mazaunin ya wuce ta ginshiƙin: duk kujerar da ta faɗa bayansa, mai ita ba zai ga komai ba.

Abin da za a ɗora a tsakiyar tebur kada ya wuce santimita 30, ko kuma ya zama dogo siriri wanda kansa ya haura fuskar mai zaune. Na tsakatsaki yana tare fuskar wanda ke ɗaya gefen, kuma za ki ga baƙi sun sauke shi ƙasa da kansu.

Mataki na 7: Ki mayar da zane lissafin kaya

Labulen bayan mazauninmu ya ci tayil 10, mita 6, tsayinsa mita 2.7 daga kan dandamali mai santimita 30. Jimla mita 3, ya bar tazara ƙasa da silin mai 3.4. Labule ba a shimfiɗa shi sumul, ana tattara shi, kuma tattarar kirki tana cin ninki biyu na faɗin wurin. Mita 6 na neman mita 12 ke nan. Ƙyallen da na samu faɗinsa santimita 150 ne, 12 a raba da 1.5 ya ba da falle 8. Kowane falle mita 2.7 da ƙarin santimita 30 na kalmasa da aljihun da sanda za ta shiga, mita 3. Falle 8 sau 3, mita 24. Yadi ɗaya wajen santimita 91 ne, saboda haka yadi 27 ke nan, na sayi 30. Ki tambayi faɗin ƙyalle kafin ki yi lissafi, domin akwai mai santimita 112, shi kuma falle 11 zai ci a wannan aikin. In ƙyallen shara-shara ne, ki kai ninkin biyu da rabi ko uku, in ba haka ba za a riƙa hango bango da sanduna ta cikinsa, musamman in fitilar mai hoto ta haska.

Rigar tebur lissafinta mai sauƙi ne. Tsayin tebur santimita 75 ne, sai ki ƙara 150 a kan tsawonsa da faɗinsa in kina so ta sauka har ƙasa. Mai zagaye na 150 yana son ƙyalle mai faɗin 300.

Ki duba inda soket suke a taswira ki auna nisansu da inda fitilunki za su zauna. Waya kada ta ratsa hanyar da mutane ke bi, ta bi gindin bango, inda ta zama dole ta gitta kuma a manne ta da faffaɗan tef. Kada ki jona fitilunki a layi ɗaya da na masu kiɗa ba ki tambaye su ba.

In taron suna ne

Matakan duka ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wanda ake yi wa mazaunin. Mai jego za ta daɗe a zaune da jariri a hannu, saboda haka kujera mai hannu da wurin jingina ta fi doguwar kujerar ado mai santsi. A kan taswira ki nisanta mazaunin daga lasifika da kuma inda na'urar sanyi ke hurawa kai tsaye, ki kusanta shi da wata ƙofa ko ɗaki da za ta iya shiga ta shayar. Kada dandamalin ya yi tsayi, mai ɗauke da jariri ba ta ganin matakala sosai. Ban da kyandir, ban da furanni masu ƙarfin ƙamshi kusa da gadon jariri, kuma kada a rataya komai a samansa.

Balan-balan ya fi yawa a irin wannan taro. Wanda aka hura da iska ta famfo yana kwana biyu ko fiye, wanda aka cika da iskar da ke sa shi tashi sama kuwa yakan fara saukowa bayan kamar awa goma, don haka a ranar ake cika shi. Ki duba hoton ki ga inda rana ke faɗowa ta taga, domin zafi yana fasa su. Ki sa wani ya riƙa tsince ɓaraguzan da suka fashe, ƙananan yara suna kai su baki kuma suna shaƙe su.

In za a rubuta sunan jariri a labule, ki auna daga kujerar ƙarshe. Duk mita 3 na nisa na son harafi ya ƙaru da santimita biyu da rabi. A zaure mai mita 18 ke nan santimita 15 ne mafi ƙanƙanta, ni nakan kai shi 25. Ki ɗaga rubutun sama da kan mai zaune, wajen mita 1.7 daga dandamali, kuma a turo miki sunan a rubuce, kada ki karɓe shi ta baki a waya.

Mataki na 8: Ki je da ƙafarki kafin ki yanka ƙyalle

Duk abin da kika fitar daga hoto ƙiyasi ne mai kyau, ya isa a yi zane, a yi magana da masu biki, a san yawan tebura. Kafin almakashi ya taɓa ƙyalle, ki je da tef da taswirarki ki tabbatar da abu biyar: girman tayil ɗaya, tsayin bangon mazauni, tazarar fanka daga ƙasa, soket ɗin da ke aiki da gaske, da faɗin ƙofar da kaya za su shiga. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa. Allon ado mai faɗin mita biyu da rabi da aka ƙera a dunƙule ba ya shiga ƙofa mai santimita 90 in akwai kwana a bayanta, sai a sa kafinta ya yi shi gida biyu ko uku a haɗa a ciki. Ki riƙe yankan ƙyallenki ki ɗora su a bango da fitilu a kunne.

In wurin ya yi nisa ba za ki iya zuwa ba, ki kira wanda ke can ta bidiyo ya auna kina kallo, ki ga inda ya ɗora bakin tef ɗin da idonki. Sannan ki yi wa kanki sassauci a kayan: sandunan labule masu zugewa waɗanda ake ƙara musu tsayi ko a rage, falle ɗaya ko biyu na ƙari, kuma ki bar gindin labulen ba kalmasa, a naɗe shi da fil a can bayan an rataya.